Yadda Ake Sake Lissafin Kalori Idan An Ci Rabin Abinci Aka Ɗumama Saura Da Ƙarin Mai

Mai ƙirga kalorin abincinta, ko don rage ƙiba ko don likita ya ce ta kula, yawanci ba a ranar girki lissafi yake kuɓuce mata ba. Ranar girki komai a fili yake: ta auna shinkafa, ta auna mai, ta tara, ta raba. Washegari ne abin yake rikicewa. An ci wani ɓangare da daddare, saura ya kwana a firji ya ɗan bushe, da safe aka ɗora kasko aka tsiyaya mai daga kwalba aka ɗumama, sannan aka rubuta adadin jiya a littafi kamar abincin bai canza ba. To ya canza. Nauyinsa ya canza, man da ke cikinsa ya ƙaru, kuma abin da aka kira rabi da wuya ya zama rabi.

Za mu bi tukunyar dafa-duka guda ɗaya tun daga sauke ta har zuwa farantin ɗumame. Abin da kike buƙata sikelin kicin ne mai nuna giram, da biro da takarda, da kalkuletar waya. In babu sikeli akwai dabara, za mu zo kanta.

Ka'ida ɗaya ce ke riƙe da dukkan lissafin, ki riƙe ta tun yanzu. Ruwa yana shiga abinci yana fita ba tare da ya kawo ko ya ɗauke kalori ko ɗaya ba. Mai kuwa kowane giram ɗinsa kalori 9 ne, ya fi ninki biyu na sitaci ko furotin, waɗanda kowannensu kalori 4 ne a giram. Saboda haka jimlar kalorin da ke cikin tukunya ba ta motsawa sai ta hanya biyu: an ɗebi abinci, ko an ƙara wani abu mai kalori. Amma kalorin da ke cikin kowane giram na abincin yana motsawa duk lokacin da ruwa ya ƙafe ko aka yayyafa shi. Wanda ya raba waɗannan biyun a ransa, wato jimla da kuma na kowane giram, ya gama rabin aikin.

Mataki na farko: jimlar tukunya tun ranar girki

Kafin ki zuba komai, ɗora tukunyar babu komai a ciki, babu murfi, a kan sikeli, ki rubuta nauyinta. A misalinmu giram 900 ce. Wannan adadi ba ya canzawa, don haka rubuta shi sau ɗaya a jikin bango ko a bayan littafin ya isa har tukunyar ta tsufa.

Daga nan sai ki auna kayan haɗi ɗanyunsu. Ɗanyar farar shinkafa tana da kusan kalori 360 a giram 100, don haka giram 500 ya ba mu 1,800. An zuba man gyaɗa giram 80. A teburan sinadaran abinci man girki kalori 884 ne a giram 100, amma a kicin ki ninka da 9 kawai, bambancin bai kai a damu da shi ba. Giram 80 sau 9 ya zama 720. Kayan miya kuma, albasa giram 150, ɗanyen tumatir giram 300, tattasai da attaruhu giram 100 da ƙaramin tumatirin gwangwani mai giram 70, gaba ɗayansu kusan kalori 200 ne. Gishiri da ruwa ba su da komai, dunƙulen ɗanɗano da kori da tayim kuma kalorinsu bai taka kara ya karya ba. Jimla: 1,800 da 720 da 200, wato 2,720.

Naman da gangan na bar shi a gefe. A ce an sa naman sa giram 300 mai matsakaicin kitse, a kiyasta shi kalori 200 a giram 100, ya zama 600, aka yanka shi gida 10, kowane yanka kusan 60. Dalilin ware shi shi ne ba a cin nama daidai da yadda ake cin shinkafa. A gidajenmu kowa ya san nama ne yake fara ƙarewa. Idan kika haɗa kalorinsa da na shinkafa kika raba biyu, za ki ɗora wa ɗumamen naman da tuni aka cinye. Duk abin da ake iya tsamewa a ƙirga, nama ne, kifi ne, dafaffen ƙwai ne, a ƙirga shi da ɗaɗɗaya.

Da abinci ya nuna, tsame naman a kwano, ki sa tsumma ko katako a kan sikeli don zafin tukunya kada ya lalata shi, ki danna maɓallin da aka rubuta TARE ya koma sifiri, sannan ki ɗora tukunyar ba murfi. Ta nuna giram 2,600. Cire 900 na tukunya, abinci ya zama giram 1,700. Yanzu raba jimla da nauyi:

```
2720 ÷ 1700 = 1.6
```

Kowane giram na wannan dafa-dukar kalori 1.6 ne a daren farko. Wanda ya ci giram 350 ya ci kalori 560, sai a ƙara masa 60 a kan kowane yankan nama.

Mataki na biyu: auna abin da ya rage, kada ki yarda da ido

A nan ne kuskure na farko yake, kuma shi ya fi yawa. Ido yana kallon tsayin abinci a tukunya ne, ba nauyinsa ba. Shinkafar sama a warware take, ta ƙasa a danne. Tukunyoyi da yawa bakinsu ya fi gindinsu faɗi, don haka idan abinci ya sauko tsakiyar tsayi, abin da aka ɗiba ya wuce rabi. Ga kuma ɗanɗanon gishiri da ɗan abin da aka sam wa yara da wanda aka aika wa maƙwabciya.

Bayan an gama ci, kafin ki juye saura a roba, sake ɗora tukunyar a sikeli. Ta nuna giram 1,650. Cire 900, saura giram 750. Ninka da adadin jiya:

```
750 × 1.6 = 1200
```

Kalori 1,200 suka rage, an ci 1,520. Da kin ce rabi kin raba biyu, da kin rubuta 1,360, kin ƙara wa saura 160 da ba ya da su, kin kuma rage wa masu cin dare 160 da suka ci. Wata rana kuskuren ya juya ta ɗaya gefen. Sai ki ƙirga naman: a misalinmu an ci 7, saura 3, kalori 180 a gefe.

Lokacin wannan awo yana da muhimmanci ƙwarai. Adadin 1.6 na abincin da aka auna da zafinsa ne, da ruwan da ke jikinsa a lokacin. Sai ki auna saura a daren, kusa da lokacin da aka yi awon farko, domin ma'aunin biyu su zama na abinci iri ɗaya. Ki rubuta 1,200 a ƴar takarda ki manna a murfin robar. Daga wannan lokaci 1.6 ya gama aikinsa, abin da za ki ɗauka zuwa gobe jimlar ce.

Ga dalili. Da safe kika fito da robar, shinkafar ta koma giram 720, giram 30 na ruwa ya tafi, wani ya zama tururi kafin ta huce, wani ya taru a jikin murfi, wani iskar firji ta zuƙe. In kika ninka 720 da 1.6 za ki sami 1,152, kamar kalori 48 sun ɓace cikin dare. Babu inda suka je. Ruwa ne ya fita, shinkafa da mai suna nan. A wannan misali giɓin kaɗan ne, amma abincin da ya kwana a buɗe lokacin hunturu, ko tuwon da ya yi kwana biyu, giɓinsa ya fi haka.

Akwai maganar ƙanzo. Lissafin nan yana ɗauka ne cewa kowane giram na tukunya daidai yake da ɗan'uwansa, kuma ba haka abin yake ba sosai. Mai yana gangarawa ƙasa, ƙanzo kuma ya fi bushewa, don haka giram ɗinsa ya fi kalori. Maganinsa mai sauƙi ne: juya shinkafar daga ƙasa zuwa sama kafin a fara zubawa. Ƙanzon da ya ƙone ba za a ci ba, idan kaɗan ne ki manta da shi. Idan kuma ya yi kauri har za a kankare a zubar, lissafinki zai ɗan haura gaskiya, kuma ga mai rage ƙiba wannan shi ne gefen da ya fi dama a yi kuskure.

Mataki na uku: man ɗumame

Wannan matakin ne zuciyar al'amarin, kuma a kansa nake so a fi tsayawa. Shinkafar da ta kwana a firji takan sandare ta yi tsatstsauri, hannu kuma da kansa yake kai wa kwalbar mai don a sassauta ta. Tsiyayar da ake ganin ba komai ba ce, zagaye ɗaya ko biyu a kasko, tana iya kai cokali uku. Babban cokali na awo, mai ɗaukar mililita 15, yana ɗaukar mai kusan giram 13 da rabi zuwa 14, wato kusan kalori 120. Ƙaramin cokalin shayi na awo, mai mililita 5, kusan kalori 40 ne. Cokali uku manya sun kai kalorin ɗanyar shinkafa giram 100.

Hanyar da ta fi kowacce inganci ita ce auna kwalbar, ba auna man ba. Ɗora kwalbar mai a sikeli, danna TARE ta koma sifiri, ɗauke ta ki zuba yadda kika saba, ki mayar da ita. Sikelin zai nuna lamba da alamar ragewa a gabanta, misali -40. Wannan shi ne giram ɗin da ya fita. Amfanin wannan dabara shi ne tana kama ainihin abin da hannunki yake yi. Idan kuma shinkafa ta fara kamawa kika ƙara wani ɗan ɗigo a tsakiyar aiki, mayar da kwalbar kan sikeli zai haɗa shi a ciki. Wasu sikeloli sukan mutu da kansu bayan minti ɗaya ko biyu, sifirin ya ɓace. In naki haka yake, rubuta nauyin kwalbar kafin zubawa da bayan zubawa, ki cire ɗaya daga ɗaya.

Irin man ba ya sauya lissafi. Man gyaɗa, manja, man waken suya, man zaitun, duk kusan kalori ɗaya suke da shi a giram. Sun bambanta a irin kitsen da ke cikinsu da abin da yake yi wa jiki, amma ba a kalori ba, kuma yana da kyau a faɗi haka a fili domin akwai masu sakin hannu da man zaitun suna zaton ba ya ƙirguwa. Man shanu soyayye shi ma mai ne tsantsa, a ninka shi da 9. Bota da wanda bai soyu ba ne suke da ɗan ruwa a jiki, su kusan kalori 7 ne a giram. Na leda ko na roba da ake shafawa a burodi, duba jikinsa, domin wasu an rage musu kitse. A jikin kaya za ki ga lamba biyu, ɗaya da kcal ɗaya da kJ. Mai kcal ita ce kalorin da muke magana a kai, ta kJ ta ninka ta sau huɗu da ɗoriya, kada ki ɗauke ta.

A misalinmu an zuba mai giram 40, kalori 360. An yanka albasa giram 50 aka soya a ciki, kalori 20. An yayyafa ruwa giram 60, babu kalori. Sabuwar jimla:

```
1200 + 360 + 20 = 1580
```

Tambayar da kowa yake yi a nan ita ce, man da ya rage a kasko fa? Amsar ta danganta da irin abincin. Shinkafa, taliya, wake, dambu da doya da aka farfasa suna shanye kusan duk man da aka ba su, musamman idan an juya har ya ɓace. A irin waɗannan ki ƙirga shi duka. Sheƙin da ya rage a jikin kasko bai wuce ƴan giram ba. Amma idan abin da ake ɗumamawa dunƙule ne, kamar yankan kaza, soyayyen dankali ko ƙosai, kuma kina ganin mai kwance a kasko bayan an kwashe, to ya cancanci a cire. Tsiyaye shi a ƙaramin kofin da kika riga kika mayar sifiri a sikeli, ko ki auna tishu, ki goge kaskon bayan ya huce, ki sake auna ta. In aka samu giram 5, cire 45. Sai dai ki duba abin da kika tsiyaye da kyau. Idan akwai ruwa-ruwa a ƙasansa, ba duka ne mai ba, kuma cire shi gaba ɗaya da 9 zai sa ki rage fiye da abin da ya kamata. Inda aka yi shakka, a bar shi a cikin lissafi.

Mataki na huɗu: sake auna abincin bayan ya ɗumamu

Kada ki tara nauyi a takarda ki ce 720 da 40 da 50 da 60 sun ba da 870. A kan wuta ruwan da aka yayyafa ya tashi, albasa ta yi laushi ta saki nata ruwan. Sai an auna. Ɗora kwanon da babu komai, TARE, juye ɗumamen ba tare da nama ba. Ya nuna giram 790.

```
1580 ÷ 790 = 2.0
```

Jiya kowane giram kalori 1.6 ne, yau 2.0. Ya ƙaru da kashi 25 cikin 100, a faranti kuma babu abin da ido zai gani sai ɗan ƙyalli. Giram 350 ɗin da jiya ya ba da 560, yau 700 ne. A sa yankan nama 2, ya zama 820. Wadda ta kwafi adadin jiya ta rubuta 680, kalori 140 sun shige ba a rubuta ba, a cin abinci ɗaya. Idan ɗumame al'adar kowace safiya ce a gidan, wannan giɓi shi kaɗai yana iya cinye wani babban ɓangare na ragin da ake ƙoƙarin yi a rana, mutum ya yi ta mamakin me ya sa sikelin jiki ya ƙi motsi.

Akwai hanyar gane ko lissafi ya tafi daidai. Giram 440 da suka rage a kwano, sau 2.0, kalori 880 ne. Haɗa da 700 da aka zuba, ya koma 1,580. Duk lokacin da kason da aka raba suka ƙi komawa jimla, an yi tuntuɓe a wani wuri, kuma yawanci nauyin tukunya ne aka manta ba a cire ba. Wata alamar kuma ita ce girman adadin kansa. Farar shinkafa dafaffiya ba mai kusan kalori 1.3 ce a giram. In dafa-dukarki mai mai ta fito ƙasa da haka, ko dai an haɗa da nauyin tukunya, ko an yi amfani da kalorin dafaffiyar shinkafa a kan nauyin ɗanya. In kuma ta haura 3, mai yiwuwa akasin haka aka yi. Wannan rikicin ɗanye da dafaffe yana yawan faruwa a manhajojin waya na ƙirga kalori, inda shinkafa take da shigarwa biyu kusa da juna. Don abincinmu na gida, kamar gero, dawa, wake da kuka, teburin sinadaran abinci na Afirka ta Yamma da hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar a 2012 ta kuma sabunta a 2019 ya fi dacewa da mu, kuma yana bambanta ɗanye da dafaffe.

Ki lura da abin da ya faru da man. Tun farko an zuba giram 80. Saura ya ɗauki kashi 44 cikin 100 na tukunya, wato kusan giram 35 na man. An ƙara 40, ya zama 75. Abincin da bai kai rabin tukunya ba yanzu yana ɗauke da mai kusan daidai da wanda aka dafa tukunyar gaba ɗaya da shi. A daren farko kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kalorin shinkafar daga mai yake, da safe ya haura kashi biyu cikin biyar.

Mai ciwon suga da take ƙirga sitaci, lissafinta daban ne. Mai ba ya ƙara sitaci. Ɗanyar shinkafa giram 500 tana da sitaci kusan giram 400, saura ya ɗauki kusan giram 176, kuma yana nan 176 bayan ɗumame. Farantin giram 350 daga cikin 790 yana da kusan giram 78, ban da ɗan abin da kayan miya suka kawo. Sai ta bi jimlar sitaci da hanyar da muka bi jimlar kalori, kada ta ga kalori ya hau ta zaci sitaci ma ya hau. Gyaran magani ko allura kuwa sai da shawarar likitanta.

Ana yawan faɗin cewa shinkafar da ta kwana a firji kalorinta yana raguwa. Akwai ƙamshin gaskiya: sanyi yana sa wani ɗan ɓangare na sitacin ya koma irin wanda hanji ba ya narkarwa da sauƙi. Amma ɓangaren ƙarami ne, yana bambanta da irin shinkafar da yadda aka dafa ta, kuma babu yadda za a auna shi a kicin. Ni dai ba na cire komai saboda shi, ban kuma ba da shawarar a cire ba. Cokali ɗaya na mai ya isa ya shafe duk ragin.

Idan miya ce

Miya ta fi shinkafa wuyar sha'ani, domin manta yana tasowa sama. Wadda ta zuba miyar dare daga sama ba ta juya ba, ta kwashe mai fiye da kasonsa, saura ya fi abin da lissafi ya nuna ƙarancin kalori. Wadda ta nutsa ludayi ƙasa tana kauce wa mai, ta bar saura da ya fi ƙarfi. Sai a juya miya sosai kafin kowane ludayi, a ƙirga nama daban, sauran matakan duk ɗaya ne. Miyar manja da ta romon nama suna da wata dama: a firji man yana daskarewa a sama. Kina iya kankare shi da cokali ki auna ki cire daga jimla, ki ninka da 8 maimakon 9 saboda ɗan miyar da ke manne da shi. Ko kuma, wanda ya fi, ki ɗumama da shi ba sai kin ƙara sabo ba. Miya kuma tana ƙafewa sosai a wuta, ana kuma ƙara mata ruwa, don haka awon ƙarshe a nan ba abin tsallakewa ba ne.

Idan babu sikeli, ko ba ke kika dafa ba

Babu sikeli, sai a koma ƙirga da mazubi ɗaya. Ranar girki kwashe abincin gaba ɗaya da kofi guda, kina cika shi daidai baki ba tare da dannawa ba, kina ƙirgawa. A ce ya ba da kofi 10, kowanne kalori 272. Da daddare ki ƙirga saura da wannan kofin dai, a ce 4 da rabi, kusan 1,220. Kin ga bai yi nisa da 1,200 ba. Bayan ɗumame ki ƙara kalorin mai, ki sake ƙirga kofunan, ki raba.

Man kuwa kada a tsiyaya shi kai tsaye daga kwalba, a bi da shi ta cokali. Cokulan cin abinci na gida girmansu ba ɗaya ba ne, da yawa ba su kai mililita 15 ba. Sayi sirinji mai mililita 10 a kyamis, ba allura, ki ɗiga ruwa a cokalinki har ya cika, ki ga nawa ya ɗauka. Kowace mililita ta mai kusan kalori 8 ce, domin mai ya fi ruwa rashin nauyi. Cokalin da ya ɗauki mililita 10 kalori 80 ke nan. Ware wannan cokali ya zama na mai.

Abincin biki ko na saye kuma, ba ki san man da aka zuba tun farko ba. Auna abin da ke gabanki, nemi kiyasin irinsa a tebur ko manhaja, ki ɗauki na sama idan yana barin maiƙo a hannu da jikin roba. Wannan ɓangaren kiyasi ne, a karɓe shi a haka. Amma man da kike ƙarawa da hannunki a gabanki yake, shi ki auna shi daidai.

Wani abu da ya fi kalori muhimmanci: shinkafa dafaffiya ba ta son zama a waje. Akwai ƙwayar cuta da irinta yake tsira daga dahuwa, idan shinkafa ta daɗe a ɗumi sai ta yaɗu ta saki dafin da ɗumame ba ya kashewa, ya jawo amai. A zafin ƙasarmu abin ya fi sauri. Ki yi awon dare da wuri, ki baza shinkafar ta huce, ta shiga firji cikin awa ɗaya, kada ta wuce biyu. A ɗumama ta sau ɗaya tak, har tururi ya ratsa tsakiyarta. Saboda haka giram 440 da suka rage a misalinmu na cin wannan zaman ne, ba na mayarwa firji ba. In kin san mutum ɗaya ne zai ci, tun farko ɗebi kasonsa daga robar. Lissafinsa: raba 1,200 da nauyin safe, 720, ya ba da kusan 1.67 a giram. Kika ɗebi giram 300, kalori 500 ke nan, sai ki ƙara man da kika zuba wa wannan kason shi kaɗai.

Da zarar kin ga lambar da sikeli ya nuna a ƙarƙashin kwalba, za ki so rage ta, kuma hanyar a buɗe take. Abin da ya sandarar da shinkafar sanyi ne da bushewa, abin da yake sassauta ta kuma zafi ne da tururi, ba mai ba. Yayyafa ruwa babban cokali biyu zuwa uku, rufe tukunya, rage wuta, ki bar ta minti biyar zuwa bakwai, kina juyawa sau ɗaya a tsakiya. Ko ki turara ta a madambaci yadda ake yi wa dambu. In ana son ƙamshin soyayyar albasa, cokalin shayi biyu na mai sun isa, giram 9, kusan kalori 80. Da haka jimlar robar ta zama 1,300 maimakon 1,580, in kuma nauyin ƙarshe ya tsaya wajen giram 790 saboda ruwan da ta sha, kowane giram kusan 1.65 ne, farantin giram 350 ya koma kusan kalori 575.